Littafin Farko Bayan Shekara Ashirin da Biyar

Wani yayana tela ne, ya haura shekara arba'in da biyar, kuma rabonsa da karanta littafi daga bango zuwa bango tun da ya ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Ba wai ba ya karatu ba. Yana karanta saƙon waya, yana duba awon kaya a littafinsa na shago, yana bin labarai. Amma ya zauna da littafin labari don nishaɗi kawai, wannan ya bar shi a aji. Ran nan na je karɓar ɗinki, sai ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin teburin yanka ya miƙo mini. Ganɗoki ne na Bello Kagara. An lanƙwashe kusurwar wani shafi can kusa da farko, kuma daga ƙurar da ke bangon ka san an kwana biyu ba a wuce wurin ba.

"Ƙanena, ni fa ina jin kaina ya toshe," in ji shi. "Mako uku ke nan, da na buɗe sai barci."

Kansa bai toshe ba, littafin ne bai dace da mafari ba. Ganɗoki babban littafi ne a tarihin adabinmu, yana cikin biyar ɗin nan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Sai dai Hausarsa ta fagen fama ce, cike da kirari da sunayen kayan yaƙi da ba a jin su a kasuwa yau. Wanda ya saba karatu zai ji daɗin wannan. Wanda ya dawo bayan dogon hutu kuwa, kowane layi sai ya tsaya ya yi tunani, kuma tsayawar nan ita ce ƙofar da barci ke shigowa. Yayana ya zaɓe shi ne don sunan ya zauna masa tun makaranta. Yawancin masu komawa karatu haka suke yi: suna neman littafin da ake girmamawa, alhali abin da suke bukata shi ne littafin da za su iya gamawa.

Na ce ya ajiye Ganɗoki tukuna, na kawo masa Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ya yamutsa fuska, wai ai an sa su karanta shi a aji. Na ce a aji an sa ku haddace sunayen garuruwa ne don amsa tambaya, ba a bar ku kun yi dariya ba.

Dalilin da ya sa nake fara ba mutane wannan littafi ba tsufansa ba ne, gininsa ne. Siriri ne, mai karatu a natse zai gama shi cikin dare biyu ko uku. Sannan labarin tafiya ce zango-zango. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, kuma kusan duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama a gari na gaba. Kowane karo labari ne cikakke mai farko da ƙarshe a cikin shafi kaɗan. Ga mutumin da ke tashi daga shago ƙarfe tara na dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zai karanta zango ɗaya cikin minti goma sha biyar, ya rufe littafin da jin cewa ya kai wani wuri. In ya yi kwana huɗu bai buɗe ba, babu abin da ya ɓace masa, domin mutum biyu kawai zai riƙe a ka, kuma ba a manta Zurƙe. Kwatanta wannan da littafin da ya buɗe da gidan Alhaji mai mata huɗu da 'ya'ya goma sha tara, kowa da sunansa da laƙabinsa. In ka yi fashin mako guda, sai ka dawo kana tambayar kanka wace ce uwar wa.

Magana Jari Ce, shi ma na Imam, ya fi wannan sauƙin ɗauka da ajiyewa. Littafi uku ne, labarai fiye da tamanin, aku ne ke bayar da yawancinsu. Ba dole ba ne a bi su a jere. Mutum na iya buɗe na Kalala da Kalalatu yau, gobe ya koma wani. Aibinsa ɗaya ga mai son sabawa da karatu: da yake kowane labari yana ƙarewa nan take, babu wata igiya mai ƙarfi da za ta jawo ka gobe. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau a ajiye shi kusa da matashi don daren gajiya, a riƙe wani littafin mai labari ɗaya a matsayin na gaske.

Ba kowa ne barkwanci da aljanu ke burge shi ba, kuma babu laifi a nan. Tambayar da nake yi wa mutum ita ce, wane irin fim ne ke hana ka tashi ko an kira ka cin abinci? Amsar takan nuna littafin. Wanda rikicin gida da kishi ke riƙe shi, ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, da ya auro wata ya kore ta da tarin 'ya'ya, ta tashi ta riƙe su da sana'ar abinci. Hausarsa ta tsakar gida ce, irin wadda ake ji kullum, magana ta fi bayani yawa, kuma tun a shafukan farko ranka zai ɓaci da Alhaji Abdu. Ɓacin ran nan shi ne abin nema, domin shi zai sa ka ƙi ajiye littafin sai ka ga yadda za ta ƙare masa. Mai son soyayya tsantsa ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talaka, ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, wanda ya shiga rugar Fulani kuma gajere ne. Littattafan Bilkisu Ahmed Funtuwa irin su Allura Cikin Ruwa suna da santsi, amma suna da tsawo, sun fi dacewa da zagaye na biyu ko na uku.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, duk da ƙaunar da nake masa, ba na ba wa mafari. Hausarsa a sarari take, sai dai labarin bauta ne da uwa mai bin sawun ɗanta har ƙetaren hamada, tafiyarsa a hankali take, ƙarshensa da nauyi a zuciya. A bar shi sai an saba.

Duk wannan shawara ce daga waje. Gwajin gaskiya yana gaban mai sayar da littafi, ko a Sabon Gari ne a Kano ko a tebur bakin tasha. Kada ka tsaya kan hoton bango. Buɗe tsakiyar littafin, ba farkonsa ba, domin marubuta kan yi wa shafin farko kwalliya. Karanta shafi ɗaya kana motsa leɓe. In ka tsaya fiye da sau uku, ko don kalmar da ba ka sani ba, ko don jimla ta kai ka ta baro, mayar da shi. Wani lokacin laifin na bugu ne. Da yawa daga littattafan kasuwa marubutansu ne suka buga da kansu ba tare da mai tacewa ba, sai ka ga an haɗe kalmomi, ko an rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Gogagge zai gane daga zancen ko kafa ake nufi ko ƙafa, ko bari ko ɓari. Wanda ya daɗe bai yi karatu ba sai ya yi tuntuɓe, kuma ya ɗora wa kansa laifin.

Abu na biyu da za a duba kafin a biya kuɗi: littafi nawa ne? Al'adar kasuwar Kano ce a raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, wani har na huɗu, kuma ana yanke kowanne daidai inda hankali ya tashi. Na san wadda ta karanta biyu na wani labari, ta yi wata tana cigiyar na uku ba ta samu ba, daga nan ta huce da karatun gaba ɗaya. Ka tambayi mai shago ko ya cika, in bai cika ba ka bar shi komai daɗinsa. Wannan matsala ta bi labaran da ake turawa ta waya kashi-kashi, har ta fi muni, don wani marubucin ma bai rubuta ƙarshen ba tukuna. Ga kuma saƙonni da ke faɗowa a saman shafi. Littafin farko dai ya zama na takarda.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Daga wajen shekara arba'in ido kan fara gaza ganin ƙananan rubutu a kusa, ko da mutum bai taɓa ciwon ido ba. Alamarsa ita ce ka ga kana nesanta littafin da fuskarka, ko goshinka ya yi nauyi bayan minti goma, musamman a hasken dare. Mutane da yawa da ke cewa littafi na sa su barci, idonsu ne ya gaji. Da na lura yayana yana miƙa wa yaron shagonsa allurar keke ya zura masa zare, sai na ce ya je a auna idonsa. Ya dawo da tabarau na karatu, yana ta mita wai an mayar da shi tsoho.

Ƙa'idar da na ba shi ita ce shafi ashirin. In littafi ya kai nan bai sa ka son sanin abin da zai biyo baya ba, ka ajiye shi ba tare da jin kunya ba. Babu malamin da zai tambaye ka jigo ko salo ranar Litinin.

Ruwan Bagaja ya ɗauke shi kwana biyar. A rana ta uku na wuce shagon na tarar yana ba yaransa labarin wata tsiya da aka yi wa Zurƙe, yana dariya har almakashi na faɗuwa daga hannunsa. Bayan nan na kai masa Alhaki Kuykuyo Ne, amma bai samu ya fara ba, domin Anti, maiɗakinsa, ta riga shi ɗauka ta shige da shi ɗaki, ta ce in ta gama za a yi magana. Da na koma makon jiya sai na ga Ganɗoki ya fito daga ƙarƙashin tebur, an kakkaɓe ƙurar, lanƙwasar ta matsa gaba da shafi goma sha wani abu.

"Har yanzu akwai kalmomin da ke ba ni wuya," ya ce, yana gyara tabarau. "Mene ne ma lifidi?"