Amsar imel ta lokacin hutu: ranar dawowa da wanda za a nema

Amsar kai-tsaye gajeren saƙo ne da akwatin imel ke mayarwa da kansa ga duk wanda ya aiko wasiƙa a lokacin da mai akwatin ba ya bakin aiki. Ma'aikaci kan kunna ta idan zai tafi hutun shekara, ko kwas, ko jinya, ko aikin Hajji. Wanda ya samu wannan amsa abu biyu yake son sani: yaushe mutumin zai dawo, kuma wa zai nema idan buƙatarsa ba za ta iya jira ba. Da waɗannan biyun ne zai yanke shawarar ya dakata ko ya nemi wata hanya. Wasu amsoshin da ake gani kuwa ba sa ɗauke da ko ɗaya daga ciki.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke karɓar oda a wani kamfanin sayar da kayan gini. Za ta yi hutun mako biyu, daga Litinin 23 ga Fabrairu zuwa Juma'a 6 ga Maris, 2026. Abin da ta fara rubutawa shi ne: "Na gode da saƙonka. Ba na ofis a halin yanzu, zan amsa da zarar na dawo." Ba ta faɗi ƙarya ba, kuma akwai ladabi a ciki. Amma ɗan kwangilar da ke jiran a tabbatar masa da motar siminti bai ƙaru da komai ba. Bai san ko "halin yanzu" awa biyu ce ko wata guda ba. Zai jira kwana uku, ya sake aikowa, daga nan ya koma wajen wani dillalin, alhali akwai mutum zaune a ofishin da zai biya masa buƙata cikin minti goma.

Gyara na farko shi ne ranar dawowa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ranar da ta kamata a rubuta ita ce ranar da mutum zai zauna a kujerarsa ya buɗe wasiƙu, wato Litinin 9 ga Maris, ba Juma'ar da hutun ya ƙare ba. Wanda ya ce "ba na nan har zuwa 6 ga Maris" ya bar mai karatu cikin shakka, domin bai fayyace ko ranar 6 ɗin tana cikin hutun ba. "Zan dawo aiki ranar Litinin" ya fi yanke magana. Sai dai Litinin kaɗai ba ta isa ba, haka ma "mako mai zuwa", saboda saƙon ɗaya ne zai yi ta fita har kwana goma sha huɗu, kuma makon gaba na wanda ya karanta a ranar farko daban yake da na wanda ya karanta a rana ta goma.

Ya kamata a rubuta sunan wata da haruffa. Idan aka sa 9/3, a Nijeriya da Nijar da Birtaniya za a karanta 9 ga Maris, amma Ba'amurke zai karanta 3 ga Satumba, don su wata suke fara sawa. Saka shekara ma yana da amfani: mutane kan sake kunna amsar bara ba tare da sun duba ta ba, kuma shekarar ce ke nuna wa mai karatu cewa saƙon tsoho ne. Inda ranar dawowa ba ta tabbata ba, kamar alhajin da jigilar jirginsa ke iya sauyawa, gara a ba da ranar da ke da rata, a ce "ina sa ran dawowa kafin rana kaza". Wanda ya dawo da wuri bai ɓata wa kowa ba.

Gyara na biyu shi ne wanda za a nema. Wannan aiki a baki yake farawa kafin ya kai ga rubutu. Sai an tambayi mutumin ya yarda, an tabbatar yana nan duk tsawon kwanakin, an kuma miƙa masa abin da zai buƙata, kamar jerin odar da ba a kammala ba. Yakan faru ma'aikata biyu su tafi hutun Salla tare, amsar kowanne tana tura mutane wajen ɗan'uwansa. A cikin saƙon a faɗi sunan mutumin, da irin aikin da zai iya yi, da hanya ɗaya tak ta samunsa. Idan kamfani yana da akwatin sashe wanda mutane da yawa ke dubawa, ya fi adireshin mutum ɗaya aminci. Lambar wayar abokin aiki ta kansa kuwa ba a saka ta sai da izininsa.

Bayan gyara, saƙon ma'aikaciyar ya koma haka:

"Assalamu alaikum. Ina hutu, kuma zan dawo aiki ranar Litinin, 9 ga Maris, 2026. Ba na duba imel a wannan lokaci, kuma saƙonku bai wuce ga kowa ba. Idan maganar oda ce ko kai kaya, a sake aika shi ga Malam Wane a oda@example.com. Sauran saƙonni zan amsa su cikin kwana biyu bayan na dawo."

Jimlar da ke cewa saƙon bai wuce ga kowa ba tana da nauyi, domin mutane da dama kan zaci akwatin ya tura wasiƙarsu ga mataimakin, sai su zauna jiran amsar da ba za ta zo ba. Kwana biyun da ta ƙara kuma gaskiya ce kawai: wanda ya tarar da wasiƙun mako biyu ba zai gama su da safiyar Litinin ba. Ba ta faɗi inda za ta je ba, kuma ta yi daidai. Amsar na iya faɗawa hannun ɗan damfara, wanda zai so ya ji cewa mai alhakin kuɗi ko kaya ya yi nisa.

Saitin akwati shi ma sai ya dace da abin da aka rubuta. A Gmail ana samun Vacation responder a ƙarƙashin General cikin Settings, da gurbin First day da na Last day. Amsar tana ci gaba da fita har ƙarfe 11:59 na daren ranar ƙarshe, don haka Lahadi 8 ga Maris za a saka a Last day. Wanda ya saka 9 zai wuni a ofis akwatinsa na gaya wa mutane ba ya nan. Akwai kuma zaɓin a amsa wa waɗanda ke cikin Contacts kaɗai, amma bai dace da mai karɓar oda ba, tunda sabon abokin ciniki ba zai ga komai ba. A Outlook na kamfanoni ana shiga File, a zaɓi Automatic Replies, inda akwai gurbi biyu: Inside My Organization na abokan aiki, da Outside My Organization na mutanen waje. Nan ne ake iya yi wa na ciki ƙarin bayani, a taƙaita wa na waje. Nan ne kuma ake gyara ranar a gurbi ɗaya a manta da ɗayan.

Kafin a tashi daga aiki, a aiko wa akwatin wasiƙa daga wani adireshi a karanta amsar da ta fito, a duba ranar da kalanda, a kuma gwada adireshin mataimakin. Gmail ba ya maimaita amsa ga mutum ɗaya sai bayan kwana 4, sai fa idan an sauya rubutun, saboda haka rashin ganin amsa a gwaji na biyu ba alamar lalacewa ba ce. Idan hutu ya ƙaru, wuri biyu ake gyarawa: ranar da ke cikin rubutun, da ranar da ke gurbin Last day.