Lambobi Huɗu da Ke Bin Sawun Haske Cikin Jerin Gilasai

Gilashin da ke gaban kyamara ba ɗaya ba ne. Gilasai ne da yawa a jere, da tazara tsakanin kowane da na bayansa, kuma haske yana karkata sau da dama kafin ya isa inda hoto ke sauka. Wanda ya ce zai bi sawun hasken da zane a takarda zai gaji tun a gilashi na uku. Masana kimiyyar haske suna da hanya mai sauƙi: kowane gilashi da kowace tazara ana ba su ɗan jadawali na lambobi huɗu, wanda a lissafi ake kira matiriks, sai a ninka jadawalan juna, a sami jadawali guda da ke tsayawa a madadin na'urar baki ɗaya. Tushen tunanin ya fito daga aikin da Carl Friedrich Gauss ya wallafa a 1841 a kan gilasai, rubuta shi da matiriks kuwa ya bazu sosai bayan 1960, lokacin da masu ƙera lesa suka buƙace shi.

Ana farawa da layin tsakiya, wato miƙaƙƙen layin da ya ratsa cibiyar kowane gilashi. Zaren haske guda da ke tafiya daga hagu zuwa dama, a duk inda aka tare shi, lambobi biyu sun isa su bayyana shi: nisansa daga layin tsakiya, `y`, da karkatarsa, `θ`. Idan yana hawa sama karkatar tana da alamar ƙari, idan yana gangarowa tana da alamar ragi. Ana auna karkatar da radiyan, ba da digiri ba. A aikace, karkata ta 0.1 tana nufin zaren yana hawa santimita 1 a duk tafiyar santimita 10.

Akwai sharaɗi guda da dukan hanyar ta rataya a kansa: dole zaren ya kasance kusa da layin tsakiya, karkatarsa kuma ƙarama, ta yadda za a ɗauki `sin θ` da `tan θ` daidai da `θ`. A digiri 10, kusurwar radiyan 0.1745 ce, `sin` ɗinta 0.1736, `tan` kuma 0.1763, bambancinsu da kusurwar kusan kashi 1 cikin 100 ne ko ƙasa da haka. A digiri 30 kuwa lambobin sun zama 0.524 da 0.500 da 0.577, kuma a nan lissafin ya fara ƙarya. Muddin sharaɗin ya cika, abin da ya fita daga kowane sashe yana da alaƙa mai sauƙi da abin da ya shiga:

```
y2 = A·y1 + B·θ1
θ2 = C·y1 + D·θ1
```

Waɗannan haruffa huɗu su ne matiriks ɗin, `A` da `B` a layin sama, `C` da `D` a layin ƙasa.

Tazara ce mafi sauƙi. Haske da ke ratsa iska na tsawon `d` ba ya canza karkata, sai dai nisansa daga layin tsakiya ya ƙaru da `d·θ`. Siririn gilashi yana yin akasin haka. Tunda ana ɗaukarsa ba shi da kauri, zaren yana fita a tsayin da ya shiga, amma karkatarsa ta canza da `−y/f`. Wannan `f` shi ne tsawon matattara, wato nisan da gilashi ke tara hasken da ya zo daga nesa, kamar ɗigon nan mai zafi da yara ke ƙona takarda da shi a rana. Gilashi mai kumburin ciki, mai tattara haske, yana da `f` na ƙari. Mai loɓaɓɓen ciki, mai watsa haske, irin na tabarau ɗin wanda ba ya ganin nesa, yana da `f` na ragi.

```
T = | 1   d |      L = |  1     0 |
    | 0   1 |          | -1/f   1 |
```

Misalin da ya fi nuna amfanin hanyar shi ne tsarin gilashin ɗauko hoton nesa, irin wanda masu ɗaukar hoton wasan ƙwallo ke riƙewa a gefen fili. A mafi sauƙin sifarsa gilasai biyu ne: na gaba mai tattarawa, na baya mai watsawa. A ce na gaba yana da `f` na santimita 10, tazarar santimita 6 ce, na baya kuma `f` ɗinsa −8.

Kafin a ninka komai, yana da kyau a bi zare guda da hannu. Zaren ya zo a miƙe daga nesa, santimita 1 sama da layin tsakiya, karkatarsa 0. Gilashin farko ya lanƙwasa shi ƙasa, karkatar ta zama −0.1. A cikin tazarar santimita 6 ya sauko da 0.6, ya isa gilashi na biyu a tsayin 0.4. Gilashi mai watsawa ya mayar masa da 0.05, saboda `−0.4/(−8)` daidai yake da 0.05, sai karkatar ta koma −0.05. Zaren da ke tsayin 0.4 yana saukowa da 0.05 a kowane santimita zai taɓa layin tsakiya bayan santimita 8.

Ninkin matiriks yana yin wannan aikin ne sau ɗaya domin duk wani zare. Abin da ke rikita masu koyo shi ne jerin. Sashen da haske ya fara shiga shi ake rubutawa a ƙarshen dama, domin shi ne ke fara taɓa lambobin zaren, sauran su biyo zuwa hagu. Wanda ya saba karatun ajami ba zai ji baƙunci ba: daga dama ake karanta tafiyar hasken.

```
M = L2 · T · L1 = |  0.4    6    |
                  | -0.05   1.75 |
```

Lambobin 0.4 da −0.05 da aka samu da hannu ga su nan a shafin hagu, kuma daga gare su ake karanta halin na'urar. `C` yana ba da tsawon matattarar tsarin gaba ɗaya, wato `−1/C`, wanda a nan santimita 20 ne. Nisan matattarar daga gilashin ƙarshe kuwa `−A/C` ne, santimita 8, daidai da abin da aka gani. Idan aka haɗa tazarar 6 da wannan 8, tsawon na'urar daga gilashin gaba zuwa inda hoto ke sauka santimita 14 ne kacal, alhali tana aiki kamar gilashi guda mai `f` na 20. Hikimar tsarin ke nan. Da za a maye gurbinsa da siririn gilashi ɗaya, sai an kafa shi santimita 20 kafin matattara, wato santimita 6 a gaban gilashin farko, a cikin iska inda babu komai. Masana suna kiran wannan wuri babban farfajiya na baya, ko da yake a wannan tsarin ya tsallake zuwa gaba.

Abin da ke kusa kuma fa? Sai a ƙara tazara biyu, `s` daga abin zuwa gilashin gaba, da `s'` daga gilashin baya zuwa allon hoto, a sake ninkawa. Hoto yana fitowa tsaf ne idan duk zaren da ya tashi daga ɗigo guda ya sauka a ɗigo guda, kowace irin karkata ya tashi da ita. A cikin lissafin farko wannan yana nufin `y2` bai dogara da `θ1` ba, wato sabon `B` ya zama 0. Daga nan ake samun `s' = −(A·s + B)/(C·s + D)`. Idan littafi mai tsayin santimita 20 yana tsaye santimita 235 daga gilashin gaba, sama ya ba da 100, ƙasa ya ba da −10, sai `s'` ya zama santimita 10. Sabon `A`, wanda shi ne `A + C·s'`, yana nuna girman hoton: 0.4 a cire 0.5, saura −0.1. Hoton littafin santimita 2 ne, alamar ragi kuma tana cewa a kife yake. Ƙarin santimita 2 daga 8 zuwa 10 shi ne abin da mai hoto ke nema idan yana murɗa zoben gilashi domin hoto ya fito sarai.

Tazarar tsakiya tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Idan aka rage ta daga 6 zuwa 4, `C` ya koma −0.025, tsawon matattara ya ninka zuwa 40, kuma da irin wannan motsi gilasan da ke jawo hoto kusa suke aiki. Idan aka rage ta zuwa 2, wato jimlar 10 da −8, `C` ya zama 0. Haske da ya shiga a miƙe ya fita a miƙe, babu matattara sam. Na'urar ta zama madubin hangen nesa irin na Galileo, `D` kuma, wanda yanzu 1.25 ne, shi ke faɗin yawan ƙara girman da ido zai gani.

Akwai gwaji mai sauƙi na kama kuskure. Idan haske ya fara a iska ya ƙare a iska, dole `A·D − B·C` ya ba da 1. A misalin, 0.4 sau 1.75 ya ba da 0.7, a ƙara 0.3, an sami 1. Idan wata lamba ta fito, an yi tuntuɓe a ninki. Sai dai gwajin yana da makanta. Wanda ya juya jerin ya rubuta `L1 · T · L2` zai sami `A` na 1.75 da `D` na 0.4, `C` bai canza ba, gwajin kuma ya ba da 1 lafiya lau. Tsawon matattara zai fito 20 daidai, amma nisan matattara daga gilashin ƙarshe zai fito 35 maimakon 8, domin ya lissafa hasken da ya shigo ta baya ne. Haka nan gwajin ba ya kama wanda ya manta alamar ragi a kan `f`, ko wanda ya gauraya milimita da santimita. Maganin waɗannan shi ne bin zare guda da hannu, kamar yadda aka yi a sama, a kwatanta da shafin hagu na matiriks.

Gilashi mai kauri ba ya hana hanyar aiki. Ana raba shi uku: fuskar shiga, tazarar cikin gilashin, da fuskar fita, kowanne da matiriks ɗinsa. Madubi mai lanƙwasa ma yana shiga, a matsayin gilashi mai `f` daidai da rabin radiyos na lanƙwasarsa. Da haka ake gwada akwatin lesa, inda haske ke kai da komowa tsakanin madubai biyu. Ana lissafa matiriks na zuwa da dawowa sau ɗaya, idan `(A + D)/2` ya faɗa tsakanin −1 da 1 hasken zai zauna a ciki, idan ya wuce zai riƙa nisa da layin tsakiya har ya fice. Kogelnik da Li sun tattara wannan lissafi a wata shahararriyar muƙala ta 1966.

Inda hanyar ta tsaya shi ne ingancin hoto. Zaren da ya ratsa gefen gilashi mai fuskar ƙwallo yana lanƙwasa fiye da yadda matiriks ya faɗa, sai ya taru kusa da gilashin, hoton ya yi dishi-dishi. Shuɗin haske kuma yana lanƙwasa fiye da ja, don haka kowane launi yana da nasa `f`, kuma sai an yi masa lissafinsa daban. Matiriks ba ya kuma sanin faɗin gilashi: zai ci gaba da bin zaren da ke santimita 5 daga tsakiya ko da gilashin bai kai faɗin haka ba, sai mai lissafi ya duba `y` a kowane gilashi da kansa. Saboda haka masu ƙera na'urori suna amfani da shi wajen tsara inda kowane gilashi zai zauna da ƙarfin da zai ɗauka, daga nan su bi dubban zaruruwa a kwamfuta da cikakkiyar dokar Snell, wadda ba ta ɗaukar `sin θ` daidai da `θ`.