Hoton Karatun Dare: Me Za A Rubuta A Ƙasansa?

Ƙarfe 2 na dare, ɗaliba tana shirin WAEC, an ɗauke wuta, fitilar caji ta fara dusashewa, shayi ya huce. Ta ɗauki hoto. Da fari ta rubuta: "Ba barci sai nasara." Kalmar ta yi wa hoton girma, domin idanunta cike suke da barci, kuma mai kallo ya gani.

Na fi son abin da ta koma ta rubuta: "Saura babi 3. Na gaji, amma na fahimci na jiya, Alhamdulillah." Adadin ne ya riƙe gaskiyar. Fatan kuwa bai jingina da sakamakon da bai fito ba, ya tsaya kan abin da ya riga ya shiga kai. A guji sa hoton da lambar jarrabawa ta fito.