Dalilin da ya sa 'yan damfara ke kiran wayar dattawa, da yadda za a kare su ba tare da an ƙwace musu kati ba

A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira kuma tsabar kuɗi ta yi wuya, dattawa da yawa da suka saba shiga banki da takarda suka koma amfani da katin ATM, masu POS da tiransifa ta waya. Dole ce ta sa su, kuma ba wanda ya zauna ya koya musu. Ɗan damfara ya san haka. Ya kuma san cewa a asusun dattijo ne kuɗi suka fi kwanciya: fansho, giratuti, kuɗin haya, ko abin da ake tarawa don aikin Hajji. Matashi kuwa, abin da ya shigo da safe sau da yawa ya fita kafin Magariba.

Kuskure ne a ɗauka rashin wayo ne ke sa a cuce su. Mutumin da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati ya saba cewa idan ma'aikaci ya nemi takarda, ba shi ake yi. Wannan ladabin ne ake amfani da shi a kansa.

A ɗauki misalin wani ɗan fansho da ke da naira 600,000 a asusu. Wayarsa ta yi ƙara, wani ya yi sallama da Hausa mai kyau, ya kira cikakken sunansa, ya ce daga banki ne, BVN ɗinsa ta samu matsala, kuma za a rufe asusun yau idan ba a gyara ba. Jin sunan nan shi ke kwantar wa dattijon hankali, alhali samun suna ba wani aiki ba ne. Duk wanda ya rubuta lambar asusu a manhajar banki kamar zai tura kuɗi, cikakken sunan mai asusun zai bayyana. A manhajoji irin su OPay da PalmPay ma, lambar asusu ita ce lambar waya idan an cire sifilin farko.

Daga nan sai mai kiran ya ce, "Baba, ɗauko katinka mu tantance." Ya karɓi dogayen lambobin gaban katin, da watan ƙarewarsa, da lambobi uku na baya, wani lokaci har da PIN. Yana magana yana shigar da su a wani shafin biyan kuɗi na intanet. Banki ba ya sakin kuɗin sai an tabbatar mai katin ne, don haka sai ya tura OTP, yawanci lambobi shida, zuwa wayar dattijon. Saƙon kansa yana gargaɗi kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci yake zuwa, da ƙananan haruffa, kuma mai kiran ya riga ya ce "za ka ga lambar gyara ta shigo, karanto min." Da ya karanto, kuɗi sun fita. Idan aka ce masa "bai shiga ba, ga wata nan," cirewa ta biyu ce ake yi.

Alamar gane wannan kira guda ce, kuma ba ta buƙatar ilimin fasaha: banki na gaskiya ba ya kira ya nemi PIN, OTP ko lambobin bayan kati. Gyaran BVN kuma ba a yin sa ta kiran waya.

Abin da ke biyo baya a gidaje da yawa ya fi damfarar ɓata al'amari. 'Ya'ya su yi faɗa, babban ɗa ya karɓe katin, a mayar da Baba mai roƙon kuɗinsa. Wannan yana da illa biyu. Dattijon da aka kunyata ba zai ƙara faɗa ba idan an sake kiransa, kuma ɓoyewar ce ke ba ɗan damfara lokaci. Sannan katin da ya bar hannun mai shi yakan zagaya hannun jikoki da 'yan aike, kowa ya san PIN, har a rasa wanda za a tambaya idan kuɗi sun ragu. Ba dukkan masu cin kuɗin dattawa ba ne baƙi.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a rage abin da za a iya asara, a bar ikon a hannunsa. A raba kuɗin gida biyu, duka da sunansa. Asusun ajiya ya kasance ba kati, ba manhaja, ba USSD, sai ya je banki da kansa. Asusun cefane shi ke da kati, a riƙa sa masa abin da zai isa mako biyu ko wata, a ce naira 40,000. Da ɗan fanshon can ya yi haka, mafi munin abin da kiran zai ci shi ne 40,000 ɗin. Bankuna da yawa suna kuma bari mai asusu ya rage iyakar abin da zai fita a rana, ko ya kashe sayayyar intanet a katin. Dattijon da bai taɓa sayen komai a intanet ba babu abin da ya rasa idan an kashe, amma shi za a raka banki ya nema da bakinsa.

Sai layin wayar, wanda mutane ke mantawa da shi. Ɓarawon da ya samu sim yana iya sa shi a wata waya ya danna wannan ya ga BVN:

```
*565*0#
```

Kuma duk OTP wurinsa zai riƙa zuwa. Maganin shi ne a sa wa sim PIN. A wayoyin Android yana ƙarƙashin Security, da suna SIM card lock ko makamancinsa, kuma ƙananan wayoyi masu madannai ma suna da shi. A yi hattara: kuskure sau uku yana kulle sim sai da PUK, kuskuren PUK sau goma yana kashe shi. A nemo PUK a jikin katin da sim ya zo da shi kafin a fara, kuma dattijon ne zai zaɓi lambar da zai tuna, ban da shekarar haihuwarsa. Idan kuma layinsa ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kowa a gidan yana aiki, a je ofishin kamfanin layin ranar, domin yana iya zama wani ya yi walkam-bak da lambar.

Game da kira, doka ɗaya ta fi darasi goma: duk wanda ya ambaci banki, kati ko lamba, a kashe wayar a kira wane. Dattijon ne zai zaɓi wanen, wanda ba ya masa tsawa. Yana da kyau a ba shi jimlar da zai faɗa ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba, kamar "to, zan shigo banki da kaina." Kuma a gabatar masa da maganar a matsayin dokar gida da ta hau kan kowa, har da masu digiri, tunda su ma ana cinsu.

Idan ta riga ta faru, mintunan farko ne ke da daraja, ba lokacin tambayar "me ya sa ka faɗa" ba ne. A toshe asusun nan take. Wasu bankuna suna da lambar da ake dannawa ko daga wayar wani, misali Zenith da Access:

```
*966*911#
*901*911#
```

A tambayi bankinsa tasa lambar tun yanzu, a rubuta a takarda a ajiye inda shi da mutanen gida za su gani. Bayan toshewa, a tafi reshe da shi da katin shaidarsa, da saƙonnin alat, da lambar da ta kira, a shigar da koke a rubuce. Masu damfara kan rarraba kuɗin zuwa wasu asusun cikin gaggawa, don haka koken da aka kai a ranar ya fi wanda aka kai bayan kwana uku yiwuwar riske wani abu. Sabon katin da za a bayar, a miƙa shi hannun mai shi, ya sa sabon PIN da kansa.