Hidimar Sallah ba tare da cin bashi ba: daga ina lissafin ke farawa?

Makon da ya fi ba ni tausayi a kantin magani shi ne mako na biyu bayan Ƙaramar Sallah. A lokacin ne magidancin da ya saba sayen maganin hawan jini na wata guda zai zo ya ce a ba shi na kwana biyar, wata uwa kuma ta tambaya ko za a iya raba ƙwayar biyu ta ƙara kwanaki. Idan muka ɗan taɓa hira, zancen ɗaya ne: an yi Sallah da bashi, yanzu ana biya.

Ƙaramar Sallah tana da wahalar tsarawa saboda dalilai biyu. Tana zuwa ne bayan wata guda na azumi, wanda kuɗin cefane ya riga ya ƙaru a cikinsa. Sannan ba ruwanta da ranar albashi, domin kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2023 an yi ta ranar 21 ga Afrilu, albashi bai shigo ba. A 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, an yi hidima da kuɗin wata, saura kwana ashirin a gaba. A 2025 kuwa ranar 30 ga Maris ce, daidai ƙarshen wata, sai albashin da ya kamata ya riƙe gida wata guda ya tafi cikin kwana uku. Duk inda ta faɗo, albashin watan Sallah ba zai ɗauki Sallah ba.

Bari mu ɗauki gida ɗaya a matsayin misali, kowa ya sa nasa alƙaluman. Gida ne a Agege, mutum shida: miji, mata, yara uku da mahaifiyar maigidan. Abin da ke shigowa daga aikin miji da sana'ar matar Naira dubu 300 ne a wata. Cefane na cin dubu 130. Ana ware dubu 50 don kuɗin haya na shekara, dubu 30 don makaranta. Kuɗin mota dubu 35, wuta da gas dubu 20, maganin Hajiya dubu 15. Jimla dubu 280. Abin da ya rage dubu 20 ne, kuma da shi kaɗai za a yi Sallah.

Idan wannan gida ya fara ajiya wata biyar kafin azumi, daga Rabi'us Sani zuwa Sha'aban, zai tara dubu 100. Idan sai a Rajab aka tuna, dubu 40 ke nan. Ban sa watan azumi a lissafi ba, domin ƙanƙara, kayan marmari da sadakar buɗa-baki za su cinye rarar. Wanda ya fara a makare sai ya yi Sallar dubu 40, ita ma Sallah ce.

Mata da yawa za su ce ai adashe ya magance wannan. Haka ne, amma a lura da lokacin ɗauka. A adashen mutum biyar mai zubin dubu 20, wadda ta ɗauki dubu 100 a ƙarshe kuɗinta ta karɓa. Wadda ta roƙi ɗaukar farko ana gobe azumi kuwa, dubu 20 ne nata, dubu 80 bashi ne da za ta yi ta zubawa har bayan Babbar Sallah. Babu ruwa a kansa, amma rarar wata huɗu ta riga ta tafi. A nemi ɗaukar ƙarshe, a tsara ta faɗo cikin Sha'aban.

To, yaya za a raba dubu 100 ɗin? A fara cire zakkar fidda kai, mudu huɗu na Annabi a kan kowane mutum, wato mudu 24 na mutum shida. A ce dubu 12, a sayi hatsin tun da wuri. Tufafi dubu 45, abinci dubu 25, goron Sallah dubu 10, sai dubu takwas a ajiye don abin da ba a zata ba.

Tufafi ne ke fasa lissafi, domin kuɗin yadi kawai ake ƙirgawa. Atamfa ko shadda somin taɓi ce. Akwai kuɗin ɗinki, takalmi, hula, mayafi, kitso, lalle da aski. Dubu 45 ga yara uku dubu 15 ne kowane yaro, daga kai har ƙafa, saboda haka kala ɗaya ne, ba uku ba. Iyaye su wanke na bara su goge. Na san akwai matan da wannan magana ba za ta yi musu daɗi ba, amma ni kaina na taɓa zuwa idi shekara biyu a jere da leshi ɗaya, mayafi kawai na canza, kuma babu wadda ta tare ni a hanya. A kai ɗinki cikin Sha'aban. Telan da aka kai wa kaya a goman ƙarshe ko dai ya caji kuɗin gaggawa, ko ya kasa gamawa a koma kasuwa sayen na kanti, a biya sau biyu.

Abinci a raba shi gida biyu. Shinkafa, mai, fulawar cincin, sukari da kayan ƙamshi ba sa lalacewa, a saye su kafin azumi. Kaji, tumatir da attarugu ne za su jira makon Sallah. A kuma ƙirga gidajen da za a kai wa abinci kafin a ɗora tukunya. Da zafin Legas da yawan ɗauke wuta, shinkafar da ta kwana a waje asara ce, idan kuma aka ci ta don gudun asara tana iya jawo amai da gudawa.

Goron Sallah kuwa, dubu 10 takardun Naira 200 ne guda 50. A zauna da maigida a rubuta sunaye: surukai da tsofaffi tukuna, sannan yaran 'yan'uwa da na maƙwabta. Kada a sayi sababbin kuɗi a hannun 'yan canji na bakin titi. Suna yankar kaso, kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta hana sayar da takardar Naira. Masu niyyar tafiya gida Arewa su sani kuɗin motar mutum shida ba zai shiga wannan lissafi ba. Asusunsa daban ne, kuma gidaje da yawa sun koma zuwa Sallah ɗaya cikin biyu.

Me zai faru idan aka ce ai dubu 50 kacal za a ƙara daga manhajar bashi ta waya? A ce sun nemi a mayar da dubu 60 bayan wata guda. Gidan da rararsa dubu 20 ce ba shi da dubu 60, don haka sai an yanko dubu 40 daga wani wuri. Mai gidan haya ba ya jira, makaranta tana koro yara, ciki ba ya haƙuri. Maganin Hajiya ne ba ya magana, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Za ta ce lafiyarta lau, alhali jinin yana komawa sama, da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga ko farfaɗiya ma tsallake magani ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Shi ya sa nake ce wa masu zuwa wurina su sayi maganin Shawwal tun kafin a shiga goman ƙarshe, su duba ranar lalacewarsa a jikin kwalin, su ajiye inda babu zafi kuma hannun yara ba ya kaiwa. Wanda kuɗin ya riga ya tsaya masa, ya zo da takardar likita ya tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irin maganin na wani kamfani mai lambar hukumar NAFDAC da ya fi sauƙin kuɗi. Sau da yawa akwai.