Yadda ƙasa, kwabo da raɓa ke juya lissafin cacar kurket

A wasan kurket, kamfanonin caca kan buɗe kasuwa biyu masu jan jama'a. Ta farko ita ce cankar ɗan wasan da zai fi abokansa tara maki. A ta biyu kuwa kamfani ne ke tsayar da adadi, a ce 280, mutum ya zaɓi ko makin da ƙungiya za ta tara a zagayenta zai haura haka ko zai gaza.

Abu na farko da ke motsa lissafin shi ne tsawon wasa. A tsarin T20 jifa 120 kacal ake yi wa kowace ƙungiya, don haka 'yan wasa ukun da ke fara shiga su suka fi samun ƙwallo, su ne kuma kamfani ke biyan riba kaɗan a kansu. A wasan yini ɗaya jifa 300 ne, saboda haka na huɗu ko na biyar ma yana da lokacin wuce kowa.

Sai tsirin ƙasar nan da ke tsakiyar fili, inda ƙwallo ke dira. Idan ƙasar ta yi tauri, ƙwallo kan taso daidai sanda, maki su yi yawa. A Bengaluru, inda fili ke da ƙanƙanta, Sunrisers Hyderabad ta tara 287 a wasan T20 a 2024. Idan kuwa ƙasar ta bushe ta yi laushi, ƙwallo kan zo da nawa, mai bugu ya riga ta kai sanda.

Wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya da aka yi a Ahmedabad ranar 19 ga Nuwamba, 2023 ya haɗa waɗannan duka. Da aka jefa kwabo, Pat Cummins na Ostareliya ya ci, ya ce Indiya ta fara bugu a kan busasshiyar ƙasa da rana tsaka. Indiya ta tsaya a 240. Wanda ya fi maki a cikinsu KL Rahul ne, na biyar a jeri, da 66, ya wuce Virat Kohli mai 54. Da dare ya yi, raɓa ta sauka, ƙwallo ta riƙa sulɓi a hannun masu jifa, Travis Head ya buga 137, Ostareliya ta ɗauke kofi.

Kwabon yana da wani tasirin kuma: ƙungiyar da ke bi tana cimma makin da ake nema wasa ya ƙare, don haka adadinta na da iyaka tun kafin ta fara.

Sai dai duk wannan kamfani ya riga ya sani, yana kuma sauya adadin da zarar kwabo ya faɗi. Idan ya sa 1.85 a kan “sama” da “ƙasa” duka, wanda ya zuba 100 a kowane ɓangare ya kashe 200 ya karɓi 185. Ragowar 15 ɗin nan ita ce kason kamfani, ko wane ɓangare ya ci.