Ganin sunan fayil ba ya nufin ya gama isowa

Kamfanoni da yawa suna musayar bayanai ta hanyar SFTP: abokin hulɗa ya ajiye fayil a wata jaka a kan sabarsa, kwamfutarka kuma ta leƙa a lokacin da aka tsara mata ta kwaso. Matsalar ita ce, da zarar an fara loda fayil sunansa yake bayyana a jakar, alhali kayan ciki suna kan hanya.

A ce abokin hulɗa yana aiko da jerin kuɗaɗen da aka biya, fayil mai megabayit 600, kuma layinsa yana tura megabayit 2 a daƙiƙa. Minti biyar ke nan zai ɗauka. Ya fara da ƙarfe 1:58 na dare, kai kuwa ka saita `cron` ya ɗauko da ƙarfe 2:00 daidai. Abin da za ka samu megabayit 240 ne kacal. Da fayil ɗin ZIP ne da sauƙi, domin zai ƙi buɗuwa. Amma CSV layi-layi ne, guntunsa ma yana karantuwa lafiya lau, sai ranar da aka zo daidaita lissafi a ga kuɗi sun yi ɓatan dabo.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutane ita ce a auna girman fayil, a jira minti ɗaya, a sake aunawa. In bai ƙaru ba a ɗauka. Tana rage ɓarna, amma ba ta da tabbas. Idan layi ya katse a tsakiyar aiki, girman zai tsaya cak, kuma guntun zai yi kama da kammalalle.

Maganin gaskiya yana hannun mai aikowa. Ya loda da sunan wucin gadi, sai ya gama sannan ya canza suna:

```
put biya.csv biya.csv.part
rename biya.csv.part biya.csv
```

Kai kuma ba ka ɗaukar komai sai abin da ya dace da `*.csv`. Canza suna a kan faifai ɗaya nan take yake faruwa, babu rabi-rabi, don haka duk abin da ya amsa sunan ƙarshe cikakke ne. Idan layi ya katse, guntun zai zauna da `.part` ɗinsa, ba mai taɓa shi. Manhajar WinSCP ma haka take yi da kanta ga manyan fayiloli, tana liƙa musu `.filepart` har su kammala.

Wasu sabobin ba sa ba baƙo izinin canza suna. A nan sai a nemi ya biyo bayan babban fayil da wani ƙarami, kamar `biya.csv.sha256`, mai ɗauke da lambar tantancewa. Kada ka taɓa babban sai ƙaramin ya iso, sannan ka lissafa lambar da `sha256sum` ka gwada su. In sun saɓa, bar shi sai zagaye na gaba.

Tun ranar ƙulla yarjejeniya ya kamata ka nemi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu, kuma a rubuce.